Tsummokaran Kaka a Falon Mama

Mahaifiyarmu ba ta zubar da komai. Kwalbar da man ya ƙare, maɓallin da ya cire, igiyar da aka kwance daga kwali, kowanne da wurin zamansa a ɗakinta. Shi ya sa mutanen layinmu ke ce mata Ajiya. Abin da ba su sani ba shi ne, yadda take ajiye maɓalli haka take ajiye magana. Kana iya gaya mata baƙa a bana ta yi maka murmushi, har ta tambaye ka ya yara. Kai ka manta, ita ko kaɗan.

A wani otal ta yi aiki tun muna ƙanana, sashen wanki da guga, daga baya aka mayar da ita gyaran ɗakuna. Bayanta ya sunkuya a can, yatsunta duk tabon dutsen guga. Babanmu direban motar wani kamfani ne, Allah ya jiƙansa. Abu mafi tsada da ya taɓa saya wa gidan nan shi ne kujerun falo, masu ruwan ƙasa, mai zaman uku guda da ƙanana biyu. Da ya rasu kujerun sun riga sun tsufa tare da shi. Tsakiyar babbar ta lotsa, hannun ta kusa da taga ya goge har zare ya fito, daidai inda yake ɗora gwiwar hannu yana sauraron rediyo.

Sai Gwaggo, ƙanwarsa. Allah ya buɗa wa mijinta, ita kuma ta buɗe baki, har yau ba ta rufe ba. Duk shekara sai ta sauya labule, kuma sai kowa ya ji labari. In ta shigo gidanmu, kafin ta zauna sai ta kaɗe kujera da gefen mayafi. Ni dai na tsane ta, ba zan ɓoye ba, kuma na san dalilina.

Lokacin da Kaka, uwarsu, ta kwanta jinyar ajali, a ɗakin Mama ta kwanta. Mama ce wanka, Mama ce juyi, Mama ce wankin shimfiɗa. Gwaggo takan leƙo da lemo a leda, ta tsaya bakin ƙofa tana toshe hanci da dabara. Da aka yi rasuwa ta kwashe 'yan kunne da akwatin ƙarfe, zannuwan tsohuwa da bargonta kuwa ta cusa a buhu ta shuro shi da ƙafa gaban Mama.

"Ga tsummokaran nan, Yaya. Kya samu na goge ƙasa."

Mama ta ce, "Na gode." Ta ɗauki buhun ta shige da shi ɗaki.

Shekaru suka wuce. Autarmu ta samu miji, iyayen yaron suka ce za su zo su ga mahaifiyarta. Labari na isa kunnen Gwaggo sai ga ta, turare na binta. Ta tsaya tsakar falo ta dube shi sama da ƙasa.

"Yaya, gaskiya ɗaya ce. Ba a shigo da mutanen kirki nan. A gidana za a karɓe su. Ke ki zo ki zauna a gefe, ni zan yi magana. Waɗannan kujerun kuma a kira masu gwangwan su kwashe."

Wallahi sai da na miƙe. Mama ta danne ni da ido. Auta kuwa ta sunkuyar da kai, kuma hakan ya fi maganar Gwaggo zafi, don ita ma kunyar falon take ji. Mama ta gani. A sanyaye ta ce, "A nan ubanta ya zauna, a nan za a zo neman ta."

Gwaggo ta yi dariya. "To, Allah ya ba da sa'a. Zan zo in ga ikon Allah."

Washegari na tarar Mama ta ɗaure kai, ta fitar da rabin falon tsakar gida. Na ce me za mu saya? Ta ce, "Ba a farawa da saye, da ragewa ake farawa." Tsofaffin kalanda, furen roba da ya sha ƙura, kofunan ado da ba mai shan komai a cikinsu, duk suka fita. Muka wanke bango da soso, muka fitar da kafet muka bubbuge shi. Tun kafin a ƙara ko tsinke, ɗakin ya yi faɗi. Kafintan bayan layi ya yanko mata siririn allon katako, ta tura ƙarƙashin soson babbar kujera, ramin nan ya ɓace.

Daga nan ta janyo buhun.

Na ce, "Mama, zannuwan Kaka?"

"Tsummokara dai. Ba ki ji me aka ce ba?"

Ta baje su a ƙasa ta daɗe tana kallo. Ni so nake a sa kowanne, ta ce a'a, falo ba kasuwa ba ne. Kala uku kawai: ruwan ƙasar kujerun, shuɗi mai duhu, da ɗan ruwan ƙwai don ɗakin ya yi fara'a. Sauran ta mayar buhu. Ta jiƙa farin ƙyalle ta goga a kan kowane zani, ta ga ko yana zuba. "Kar baƙo ya zauna da farar riga ya tashi da shuɗiya." Ta wanke su da ruwan sanyi, ta shanya a inuwa, ta goge. Ta riƙa ɗaga zani sama tana duba shi a haske. Inda ya yi shara-shara ta kauce masa, ta yanka inda ke da ƙwari, ta yi masa shafi da wani tsohon zanen gado don ya jure zama.

Matasan jingina na kujera za ta yi da su. Cikinsu kuwa tsofaffin filolinmu ne. Ta farke su, ta shanya audugar a rana, muka tsefe ta har ta tashi. Rigar kowane matashi ta ɗinka ta ƙasa da girmansa da kamar inci biyu. Na ce ai ba zai shiga ba. Ta ce, "Zai shiga. In riga ta fi shi girma, kwanciya zai yi kamar mara lafiya." Ko zif ba ta saya ba. Bayan rigar kashi biyu ta yi shi, ɗaya ya hau kan ɗaya, a zura matashi a ciki, in ya yi datti a zare a wanke.

Abin da muka saya bai wuce zare da ƙwan fitila mai haske ruwan ɗorawa ba. Ta sa fitilar a lungun da ya fi duhu. Madubin ɗakinta ta rataye shi yana fuskantar taga, hasken rana ya ninku. Ta roƙi reshen shuka a maƙwabta ta dasa a wata tsohuwar tukunya. Bargon Kaka ta naɗe shi a tsaye ta yafa wa hannun kujerar Baba, ya sauko a karkace, ka rantse don ado aka yi. Manyan matasai a baya, ƙanana a gaba, mai zane kusa da marar zane. Na jera su ƙyam kamar 'yan fareti, ta zo ta ɗan karkata su.

Guda ɗaya ta yi wa aiki daban. Shuɗin zani ne mai ƙananan ganye, a jikinsa akwai wata tsohuwar yaga da aka ɗinke da baƙin zare, ɗinkin hannu mai kauri. Na ce a juya ta baya mana. Ta ce, "Gaba za ta zauna." Ta ɗora shi a kujerar kusa da taga, wadda Gwaggo ke hayewa duk zuwanta. A nan na fara zargin Mama ba gyaran falo kaɗai take yi ba.

Ranar zuwan baƙi Auta ta fito ta tsaya bakin ƙofa ta rufe baki da hannu. Gwaggo ta iso tare da Baffa, babban wansu. Ta yi turus. Na ga idonta na yawo yana neman aibu, bai samu ba. Ko kaɗe kujera ba ta yi ba. Ta zauna ta ɗauki shuɗin matashin nan ta rungume a cinya.

Baƙi suka zo, aka gaisa, aka sha ruwa. Uwar yaron, mace mai fara'a, ta shafa matashin kusa da ita ta ce, "Kai, ɗakin nan akwai daɗin zama. Ina kuka samo irin waɗannan? Yanzu ba a samun yadi haka."

Mama ta bar wa Gwaggo fili. Ta san halin mutuniyarta, kuma mai hali ba ya fasa halinsa.

"Ai ni na zaɓo mata," in ji Gwaggo, tana bubbuga na cinyarta. "Akwai wani shago da nake sayayya. Sababbin shigowa ne."

Baffa ya gyara tabarau ya sunkuyo. Ya daɗe yana kallon baƙin ɗinkin.

"Sababbin shigowa? Ke, wannan ai zanin Inna ne. Ke kika yaga shi ranar da aka fara kai ki makaranta, kika riƙe ta kina ihu. Ta ƙi yarda a ba da shi har ta tsufa."

Mama ta ƙara wa baƙuwa ruwa, ta ce, "Na surukata ne, Allah ya jiƙanta. Tana jinya ma shi take cewa in lulluɓa mata. Da ta rasu 'yarta ta ba ni, ta ce in riƙa goge ƙasa. Hannuna ya kasa."

Uwar yaron ta dubi Gwaggo sau ɗaya, ta juyo ta kama hannun Mama ta ce, "Wadda ta riƙe surukarta haka, ba ma tsoron ɗaukar 'yarta." Daga nan har suka tashi, da Mama kaɗai suka yi magana. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, sai da na shiga kicin na yi rawa.

Baƙi suka tafi, Baffa ya fita. Gwaggo ba ta motsa ba. Yatsanta na bin ɗinkin nan daga farko zuwa ƙarshe, ya dawo. Can ta ce, da wata murya da ban san tana da ita ba, "Yaya, ki bar mini wannan ɗin. Ba ni da ko zani ɗaya da ta taɓa ɗaurawa."

Na ɗauka Mama za ta yi laushi, don ni kaina na ɗan ji wani abu. Ina! Ta zo ta zare matashin daga hannunta a hankali, ta bubbuga shi ya tashi, ta mayar da shi mazauninsa.

"Kyauta kika ba ni, na kuma gode tun a ranar. Nan ne wurinsa. Duk ranar da kike son ganinsa, ƙofa a buɗe take."

Yanzu kusan kowane mako sai Gwaggo ta zo. Ba ta kaɗe kujera, ba ta zancen labule. Takan zauna kusa da taga, a kujerar da ta ce a ba masu gwangwan, matashin a ƙirjinta. Mama takan kawo mata shayi, su yi hirar duniya. In ta tashi tafiya, Mama na raka ta har bakin ƙofa, idonta a kan hannun Gwaggo, kar matashin ya bi ta.