Kubra da Kaset ɗin Alhaji Baballe

Ƙanwata Kubra tun tana ƙarama ba a gaya mata magana ta wuce. Ka ce mata "an ce ki zo," sai ta tsaya ta tambaye ka wa ya ce. Ni Bilya, yayanta, na sha make ta a kan wannan hali, amma ina! Da shi ta girma, da shi ta yi makarantar horon malamai, ta dawo tana koyarwa a firamaren garinmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Daga baya ta samu shiga jami'a a Kano, sashen harsuna.

Mahaifinmu Malam Datti yana da makarantar Islamiyya a zaure, yana kuma da gona guda a bakin kanal, inda muke noman rani, alkama da tumatir. Ita ce cinmu, ita ce suturarmu.

A shekarar zaɓen 1983 wani ɗan takara, Alhaji Baballe, ya zo kasuwarmu ya yi jawabi. Ya ce a haɗa gonaki a yi ƙungiya, shi zai tsaya a kanta, taki da tarakta su zo a sauƙaƙe. Wallahi bakinsa da zaƙi, har ni sai da na tafa. Maƙwabtanmu suka fara miƙa gonakinsu, Malam ma ya ce zai bayar da tamu ranar taro na gaba.

Kubra kuwa sai ta sayi kaset ɗin jawabin a wurin mai sayar da kaset na bakin tasha, ta ce a kansa za ta rubuta kundin kammala karatunta. Ta ari rakoda ta zauna a tsakar gida. Ta kunna, ta tsayar, ta rubuta, ta mayar baya. Har inda ya yi tari da inda aka yi tafi sai da ta sa alama. Batir ɗin da yarinyar nan ta cinye, Allah kaɗai ya sani.

Nan fa gari ya ɗauka. Isiyaku, wanda gonarsa ke manne da tamu, shi ne kan gaba. Ya tare ni a bakin kanal ya ce, "Bilya, wa ya aiko ƙanwarka? Ɗaya jam'iyyar ce ke biyanta, ko 'yan sandan ciki?" Na zage shi tas. Amma da na dawo gida ni ma sai na tsaya ina kallonta ta gefen ido. Mutum lafiyayye ya zauna yana jin magana ɗaya kamar karatun allo?

Na ce, "Ke, me kike nema a bakin bawan Allahn nan?"

Ta ce, "Yaya, zauna ka ji. Ba abin da ya faɗa kaɗai nake bi ba, har da yadda ya faɗe shi."

Ta nuna min gutsattsarin da ta tsamo, duk inda ya ambaci ruwa, taki ko gona. Ta kunna na farko, muryar Alhaji ta cika gidan: "Na kawo muku ruwa, na tsaya muku a Kano." Ta kunna na biyu: "An rage wa wasu filaye lokacin rabo, an yi jinkirin taki." Ta ce, "Ka ji? In alheri ne, 'na'. In ɓarna ce, 'an'. Aikin yana nan, mai aikin ya ɓace. Wanda ba a ambata ba kuwa, ba wanda zai tuhume shi."

Ashe Malam yana jinmu daga zaure. Ya leƙo ya ce a nahawun Larabci ma akwai irin wannan, aikatau da ake ɓoye mai aikata shi. Amma ya ce kada ta ɗauki alhakin mutum, kowa yana cewa "an".

Ta ce, "Haka malamina na jami'a ya ce, Baba. Ya dawo min da aikin, wai yana zargin na tsinci abin da ya yi min daɗi na bar saura. Sai da na koma na bi jawabin kakaf, na sa har wuraren da suka saɓa wa ra'ayina. Akwai inda ya ce 'na makara', bai ɓuya ba, na rubuta. Amma a kan gona ko sau ɗaya bai yi haka ba."

Sai ta zo kan "mu". A farkon jawabin, in ji ta, "mu" ɗinsa da kowa a ciki: "mu manoma, mu da rana ke duka." A nan aka fi tafi. Malam ya ce manya kan kira kansu "mu", al'ada ce. Ta ce to ai shi ya sa take duba abin da ke maƙwabtaka da kalmar. Ta kunna kusa da ƙarshe: "Gonakin za su zama namu. Mu za mu riƙe, mu tsara, ku kuma ku fito aiki."

Ta tsayar. Ta ce, "Baba, tunda 'ku' ta fito, mun fita daga 'mu'. Ya shigar da mu da ita muka yi tafi, ya fitar da mu ba mu ji ba. Riƙewa da tsarawa nasu, fitowa aiki namu. Ban san zuciyarsa ba, amma a maganarsa babu inda gonar ta zauna a hannunka."

Ni kuwa kunya ta kama ni, don na tafa a daidai wurin nan.

Ranar taro Malam ya miƙe, ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, in na ba da gonata, ranar da na so abata, wa zai mayar min?" Alhaji ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai duk wannan za a duba." Malam ya ce Allah ya taimaka, ya sa takalminsa, muka fito. Isiyaku ya bi mu da murya, wai 'yar boko ta juya tsoho. Mata suka daina shiga gidanmu, ko a suna in Kubra ta zauna sai hira ta mutu. Abin ya ci mata rai ƙwarai, na sha ganinta ta yi jugum.

Ƙarshen shekara soja suka karɓi mulki, siyasa ta watse, ƙungiya ta bi ta. Gonakin dai ba su dawo ba, suna hannun Alhaji. Tamu ce kaɗai ta rage a layin, tumatir ɗinmu a tsakiyar alkamarsa. Kubra ta gama karatunta ta koma ajinta, ba ta taɓa ce wa kowa "na faɗa muku" ba. Ni ne dai bakina bai yi shiru ba.

Wata ranar kasuwa sai ga Isiyaku a ƙofar gida, ƙafarsa duk taɓo, daga ƙwadago ya taso, a gonar da ubansa ya bar masa. Ya ce zai kai ƙara, yana so Malama ta sa masa kaset, ta nemo masa inda Alhaji ya ce gona tana nan ta mai ita.

Kubra ta ce, "Malam Isiyaku, na bi shi kalma kalma. Babu."

Ya ce, "Akwai. Da kunnena na ji."

Ta fito da rakoda zaure, ya tsuguna ya kara kunnensa, har kaset ya ƙare ya yi ƙas. Ya ɗago ya dube ta, idonsa ya kaɗa.

Ya ce, "Malama, don Allah mayar baya."