Ƙofar Gidan da Baba Ya Rubuta

Mahaifina ya koyi imel ne bayan ya yi ritaya, a shekarun da soja suka koma bariki, shagunan intanet suka fara buɗewa a Katsina. Ni na koya masa, domin aikina ke nan a ofis. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana cije leɓe kamar mai zura zare a allura, kuma kaiton wanda ya ce zai taya shi.

Da auren autarmu ya matso, ya ce shi zai gayyaci abokansa da hannunsa. Ya tafi shagon da ke kusa da Babbar Kasuwa, ya sayi lokaci, ya aika saƙo ɗaya ga tsofaffin abokan aikinsa da 'yan ajinsu na Kaduna, Zariya da Abuja, ya saka ni a ciki don in ga bajinta. Na buɗe washegari a ofis. Rana daidai, lokaci daidai. Amma ya rubuta cewa za a ɗaura aure a ƙofar gidansa da ke Gobarau.

Mun daɗe da barin Gobarau. Bayan rasuwar mahaifiyarmu aka raba gado a gidan kakanni, muka koma Kambarawa, wasu ne ma ke haya a can.

Da na gaya masa da yamma, bai yi musu ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya ce tsufa ya zo, shi da na'urar nan har abada. Wannan ya fi tayar min da hankali fiye da ɓatan baƙi. Tun da aka yi rashin, zuwa shagon nan ne kaɗai ke sa shi ya saka babbar riga ya fita.

Da safe na lallaɓa shi muka tafi shagon tare. Ashe ya riga ya tsara gyaransa a takarda, shafi guda cur. Ya roƙi gafara iri-iri, ya ambaci shekarunsa, ya ambaci rashin da ya yi, ya ce ya ji kunya. Kambarawa ba ta fito ba sai a layin ƙarshe. Na so in yi dariya, na so in yi kuka. Na ce masa mutanen nan su ma lokaci suke saya, kafin su kai ƙasa ya ƙare, su tashi da labarin cewa Alhaji ba shi da lafiya, kuma su nufi Gobarau.

Ya harare ni. "To, uwata, mi za a ce masu?"

"Inda za su zo, Baba. Shi kaɗai suke bukata."

Muka buɗe saƙon gayyatar da ya aika, muka danna amsa ga kowa don kada a tsallake ko mutum ɗaya. A kan saƙon muka fara da "Gyara: wurin ɗaurin aure". A ciki ya buga cewa a gidansa na Kambarawa za a ɗaura, ba Gobarau ba kamar yadda ya rubuta a baya, ya sake faɗin rana da lokaci da kwatancen gidan don kada kowa ya koma neman tsohon saƙo. Ya rufe da a yi haƙuri da kuskuren, Allah ya ba da ikon zuwa. Ya so ya ƙara bayani, na riƙe masa hannu a hankali. Waɗanda muka san ba sa leƙa imel sai an ga dama kuwa, muka bi su ta waya.

Amsoshin da suka zo gajeru ne: an gani, Allah ya kai mu, Allah ya sanya alheri. Babu wanda ya tambayi lafiyarsa. Ya karanta su har da ɗan jin haushi, wai mutane ba su ma damu ba, amma ya shiga amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar auren, ana shimfiɗa tabarmi aka neme shi aka rasa. Sai da baƙi suka fara sauka ya dawo a bayan ɗan acaɓa, yana tattare babbar riga. Na tare shi a zaure raina a ɓace. Ya ce Gobarau ya je, ko da wani bai ga gyaran ba. Ya tsaya a ƙofar gidan, ya ce, inda mahaifiyarmu take leƙowa in ta ji tsayuwar babur ɗinsa.

Na tambaye shi ko wani ya ɓata.

"Ba kowa, uwata," ya ce, yana gyara hula. "Kowa ya gane hanya. Ni ɗai na tahi."