Kambas a Cikin Kwali

Mu huɗu ne a tsakar gida ran nan: ni, da ƙanwata da ta zo daga Tsanyawa, da ɗana na fari, da matarsa. Shi da matar daga Rijiyar Zaki suka taso duba ni, don gwiwa ta sa ni gaba, a asibiti kuma an ce in bar silifas in nemi takalmi mai taushi.

Ɗan nawa ya ajiye kwali a gabana. "Inna, ga shi. Sabo dal, daga kanti."

Marigayi maigidana gwanjon takalma ya sayar har ya koma ga Allah, ni ce kuma mai wanke su duk sanda aka fasa dila. Hannuna bai manta ba. Na kifa takalmin. Zanen ƙasansa ya shafe a gefen dunduniya ta waje, a ƙasan babban yatsa kuma ya yi sumul kamar bayan ƙwarya. Sai na duba soson da ke tsakanin ƙasa da sama, wanda shi ne ran kambas. An shafe shi da farin fenti, amma fenti ba ya cike tamoji. Na danna da yatsa, ya ƙi tasowa. Sabon soso turo yatsanka yake yi. Wannan ya mutu, ko damina ɗaya ba zai kai ba, gwiwata kuma ba abin da zai tare mata.

Na zura hannu ciki. Shimfiɗar ta lotsa, ga gurbin dunduniya, ga na yatsu. Takalmin hagu ya kwanta gefe guda, irin na mai jan ƙafa. Mace ɗaya na sani mai wannan tafiya a cikin mutanen ɗana: uwar matarsa.

Ƙanwata ta karɓa ta shinshina. "Kai, ɗan nan! Kantin naku da sabulun wanki yake sayar da kaya?"

"Haka suke zuwa yanzu, Iya," in ji matar, idonta a ƙasa.

"To, Allah ya kawo mu zamani," in ji ƙanwata.

Na karɓi takalmin na mayar cikin kwalin. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in buɗe baki in ce ya yi mini ƙarya gaban matarsa. Da cewa ya yi, Inna, ga kwance, ki taka kafin in samu hali, wallahi da na sa masa albarka har zuciya. Da gwanjo aka ciyar da shi, da gwanjo aka kai shi makaranta. Kwalin ne ya ƙona ni.

Na ce, "An gode. Allah ya yi albarka."

Washegari na sa takalmin na raka su bakin titi, kowane taku ƙafar hagu tana karkata ni inda ba nan nake takawa ba. Na tsaya har motar ta cika ta tashi. Sannan na tuɓe shi, na riƙe a hannu, na bi ta cikin gonaki na koma gida ba takalmi.