Wurin karsanar maiɗakina

Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, ta shekara biyu tana kaɗi saboda karsana ɗaya. Ta wani Bafillace ce maƙwabcinmu a Wagini, ya yi mata kuɗi wuri dubu arba'in da uku, ya ce in kasuwar Batsari ta ci bai ga kuɗi ba, zai wuce kudu da ita cikin garke.

Zaren nata an saƙa shi, ƙaninta ya kai wa wani dillali a Katsina. Ana gobe kasuwa ya dawo da keso biyu a kan jaki, wato wuri dubu arba'in, da takardar ajami.

Ta ce, "Malam, karanta mini. Wannan ko sunansa ba ya ganewa."

Ya ce, "Yaya, ni da na sha rana?"

Na karanta. An sayar da kashin farko cikin Rajab, riyal shida, ranar ana ba da riyal a wuri dubu huɗu. Kashi na biyu cikin Shawwal, riyal huɗu, ranar riyal ya kai dubu huɗu da ɗari biyar. A ƙasa an rubuta jimla dubu arba'in.

Tana jin dubu huɗu da ɗari biyar ta yi guɗa. Ta buga riyal goma duka da shi, ta samu dubu arba'in da biyar.

"Har da akuya zan haɗa!"

Na ce ta dakata da akuyar. Takarda ta faɗa cewa kowane kashi a ranar cinikinsa aka mayar da shi wuri. Ta ɗebo wake, muka zauna a tabarma, kowane ƙwaya dubu. Na Rajab ya ba da ashirin da huɗu, na Shawwal goma sha takwas. Arba'in da biyu ke nan. Marubucin ya lissafa duka da farashin Rajab, dubu biyu suka faɗi.

Ƙanin ya miƙa hannu zai taya mu, ta buge shi. "Kar ka cinye mini dubu."

Da safe muka sami wakilin dillalin a rumfarsa a Batsari. Ya bi layukan da yatsa, ya sake bi, ya yi dariya, ya ce kuskuren nasu ne. Ya ƙirgo dubu biyu.

Saura dubu ɗaya, ga Bafillacen riƙe da igiya. Ta kwance bakin zane ta fito da curin zare, mafi laushi da ta taɓa kaɗawa, wanda ta ɓoye don rigata ta salla.

Ta miƙa wa Bafillacen. "Baffa, kai wa Inna, maiɗakinka, wannan a madadin cikon."

Ya murza zaren a yatsu, ya dube ni. "Malam, ka yafe rigar?"

Na ce ai ba a tambaye ni ba.

Ya miƙa mata igiyar. Ita ta ja karsanar har gida, ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba.