Hannun Rigar Baba

A masallacinmu na unguwar Poumpoumré, a Garoua, liman kan yi bayanin huɗuba da Fulatanci kafin ya hau mumbari. Yana tsayawa gaɓa-gaɓa, wani tsohon mahauci da ke gefensa ya mayar mana da Hausa. Kowa Baba yake ce wa mahaucin. Tun ina ƙarami nake jin muryarsa.

Ni ne mai ɗaukar bidiyo. Nakan kafa wayata a kwance don ta kama su biyun. Wata Juma'a kwamiti ya ce in yanka na ranar gajeru-gajeru, a tsaye, don WhatsApp, kowanne da saƙo ɗaya. Wa zai zauna kallon minti arba'in a waya?

Na saurara sau biyu, ina rubuta mintin da kowace magana ta fara da inda ta ƙare. Na sami shida, har da na tauye awo da na haƙƙin maƙwabci. Amma hoton tsaye siriri ne, ba ya cin mutum biyu da ke nesa da juna. Na ja shi kan liman. Fassarar kuma tana ninka tsawon kowane guntu, sai na cire ta, na rubuta Hausar a ƙasan hoto. Da na gama, waya ta cika, na goge dogon ba tare da na ajiye shi ko'ina ba. Har yabon kaina na yi. A lokacin ji nake babu gwani kamata a Garoua.

Ranar Talata na je sayen nama, Baba ya yafito ni daga rumfar ƙanensa.

"Jam na, ɗana? An ce ka yi montaj, ka yayyanka bidiyon huɗuba. Nuna mini."

Ashe Juma'ar nan ita ce ta ƙarshe a gare shi. Ƙafa ta ƙi, 'yarsa za ta tafi da shi garin Touboro. Yana son jikokinsa su ga aikin da ya yi a tsaye shekara da shekaru.

Na miƙa masa wayar. Ya kalli shidan duka, ya nuna rubutun da yatsa.

"Wannan me ya ce?"

Baba bai iya boko ba. Yawancin mahautan da yake wa fassara ma haka.

"To dogon fa?"

"Na goge, Baba."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Ya koma kan na tauye awo, ya kai wayar kusa da ido. A can gefen dama, bakin farin yadi yana shigowa yana fita.

"Hannun rigata ke nan," in ji shi. "Tura wa 'yata wannan ɗin. Ita ta saya mini, za ta gane."