Wasiƙar Shagufta Baji ranar arba'in ɗin mijina

Shagufta Baji, wato Yaya Shagufta, maƙwabciyata ce a rukunin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa na Rawalpindi. Shekara talatin ta yi tana buga wa manya wasiƙu a ofis. Ba ta yi aure ba, ita ta yi jinyar mahaifinta har ya cika. Idan za ta yi karatu, sai ta goge tabarau da bakin gyalenta.

Ana gobe sadakar arba'in ɗin mijina, da hantsi, ta shigo riƙe da waya. Chaudhry Iftikhar, shugaban ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, ya aika wa gida ɗari biyu imel cewa maza da mata duk a haɗu a zauren ƙungiya. Ni kuwa takaba nake, ba na fita. Mun shirya mata su zo gidana. Ke nan za a yi wa mijina Ghulam addu'a ina zaune ni kaɗai da tukunyar shinkafa.

Sau uku ta kira Chaudhry, waya a kashe. Matarsa ta ce yana jirgin Karachi, sai dare.

"Baji, ki tura masa gyaran shi kaɗai," na ce. "Kin san halinsa. Gyara shi a gaban jama'a?"

"Shi kaɗai zai cinye shinkafar? Mutum ɗari biyu suka karanta, su ɗari biyun za su ji gyara. Zuba min shayi, kin tsaya kamar fitilar sigina."

Ta taɓa wurin da ake amsa wa kowa, ta duba sunayen sun fito, ta rubuta da yatsa ɗaya tana karanta min: "Assalamu alaikum. Ƙaramin gyara: gobe bayan azahar maza a zaure, mata kuma a gida mai lamba 14, domin Rukhsana Bibi tana takaba. Sauran bayanin yana nan yadda Chaudhry sahib ya rubuta. Mun gode masa da ɗawainiya."

Da farko ta sa "an yi kuskure". Ta ɗan dube shi, ta goge.

"Ai kuskuren ne," na ce.

"Shi ne mana. Amma mata nake nema miki, ba rigima ba."

Ta ƙara layi ɗaya, cewa wadda ta gani ta gaya wa maƙwabciyarta, ba sai kowa ya amsa ba. Duk da haka sai da mutum tara suka aika wa kowa "Amin". Ta yi tsaki tana dariya.

Washegari da safe Chaudhry ya amsa a taƙaice: "Gaskiyar Shagufta ce, a bi nata."

Bayan azahar takalma suka cika ƙofata har matakala. Mata suka zauna a kan fararen zannuwan da muka shimfiɗa, kowacce da juzu'inta, aka sauke Alƙur'ani sau biyu. Shagufta tana bakin ƙofa tana nuna musu wuri. Tun daga ranar, in na ɗaga hannu bayan salla, sunanta na biye da na Ghulam.