Baba Tela da Tagwayen Lambobi

Baba Tela mutum ne mai kafiya. Tun yana saurayi yake yanka yadi a ɗan shagonsa na bakin titi, bai taɓa yarda an gyara masa awo ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, hannun ya dawo a hankali, amma shi abin da yake tsoro shi ne ƙwaƙwalwarsa. Almakashi ya rataye, ya ce ba zai ɓata yadin mutane ba.

Likita ce ta haɗa shi da sudoku, wasan nan na cike gidaje da ɗaya zuwa tara, ba a maimaita lamba a layi ko a akwati mai gida tara. Masu sauƙin ya cinye su da biro, yana bin lamba ɗaya-ɗaya har ya ga inda ta dace. Da ya kai masu wuya sai abin ya cije. Ya duba sama ya duba ƙasa, babu gidan da ya buɗe. A ransa ya gama yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwar ta tafi.

Matar ɗansa, wadda ita ma mayyar wasan ce, ta kawo masa abinci ta tarar ya zuba tagumi. Ta karɓe biron ta miƙa masa fensir.

"Baba, kun taɓa sa almakashi kafin alli?"

Ya harare ta, amma ya karɓa. Ta sa shi ya rubuta ƙananan lambobi a kowane gida, duk wadda za ta iya zama a ciki. A layi na huɗu, gidaje biyu suka fito da uku da takwas kawai. Ta ce tagwayen fili ke nan: ba a san wacce ke ina ba, amma gidajen nasu ne, don haka a goge uku da takwas daga sauran layin. Ya goge. Wani gida mai uku da shida ya koma shida zalla.

Can gaba ya sake cijewa. Ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon akwatin tsakiya, sannan ya ce biyu da tara ba su da masauki sai gidaje biyu, ko da yake biyar ta cusa kanta a ɗayansu. Ya goge ta, sai ga shi gida ɗaya tak ya rage wa biyar a akwatin.

"Waɗannan su ne na ɓoye, Baba. Ban ma koya muku ba tukuna."

Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Bai iya godiya da baki ba, bai taɓa iyawa ba. Washegari ya buɗe shago, ya kakkaɓe teburin, ya aika a ce wa matar ɗan nasa ta kawo wani yadi da ta daɗe da ajiyewa. Ya shata shi da alli, ya sauko da almakashi.